Yadda Mai Shagon Kayan Masarufi Zai Tsara Aiki Ya Daina Zaman Shago Kullum

Akwai 'yan kasuwa da yawa, a kasuwar Singa ta Kano da sauran kasuwanninmu, da suke da yara uku ko huɗu a shago, amma ba za su iya zuwa ɗaurin aure a wani gari su kwana ba. Idan sun fita sallar azahar waya na biye da su: nawa za a bar wa wane katan na taliya, a ba wance bashi ko a hana, motar kamfani ta zo a sauke buhu nawa. Irin wannan maigidan ba aikin ƙarfi ne ya ɗaure shi ba, domin ɗauka da saukewa da miƙa kaya duk yara ne suke yi. Abin da ya ɗaure shi shi ne dukan farashi, da sanin wanda ake ba bashi, da sanin lokacin saro kaya, suna cikin kansa shi kaɗai. Na yi shekaru a cikin wannan hali, kuma sai da rashin lafiya ta kwantar da ni mako biyu, na tashi na tarar da bashin da ban san wanda ya ba da izininsa ba da kuma sito babu sukari, sannan na gane cewa laifin nawa ne, tun da ban taɓa gaya wa kowa iyakar ikonsa ba.

Zan ɗauki misalin shagon da ake sayar da shinkafa, taliya, sukari, madara, man girki da sabulu, sari da ɗai-ɗai, mai yara uku da sito ɗaya. Alƙaluman da zan kawo na misali ne, kowa ya sa nasa a gurbinsu.

Mataki na farko: ƙirga tambayoyin da ake yi maka

Kafin ka canza komai, ka sayi ƙaramin littafi ka sa a aljihu, ka yi mako biyu kana rubuta duk tambayar da yaro ya yi maka da duk abin da aka dakatar sai ka zo. Kada ka raina ƙarama, ko da tambayar ina mabuɗin sito ce. A ƙarshen makon biyu ka zauna ka kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne masu amsa guda ɗaya da ba ta canzawa daga mutum zuwa mutum, kamar farashi da wurin ajiye kaya, waɗannan rubuta su za a yi a manna a bango. Kashi na biyu su ne masu buƙatar a duba hali, kamar ragi da bashi da karɓar kayan da aka dawo da su, waɗannan za ka ba wani ikonsu amma da iyaka ta lamba. Kashi na uku su ne waɗanda za su zauna a hannunka ko kana ina: ɗaukar sabon yaro ko sallamarsa, ƙulla hulɗa da sabon kamfani, sayen kaya masu yawa don ajiya, da buɗe wa sabon mutum bashi. Za ka ga kashi na uku bai taka kara ya karya ba, mafi yawan abin da ke hana ka motsi yana cikin na farko da na biyu.

Mataki na biyu: raba aljihunka da na shago, sannan a yi ƙidaya

Wannan matakin a kan maigida yake, kuma shi ne wanda aka fi ƙetarewa. Muddin kana buɗe aljihun tebur ka ɗauki kuɗin cefane, ko ka ce a kai buhun shinkafa gida ba tare da an rubuta ba, to babu ranar da za ka iya tuhumar wani a kan giɓi, domin kai kanka ba ka san nawa ne naka a ciki ba. Yara kuma suna kallo, abin da suka ga kana yi shi ne dokar shagon a wurinsu. Ka yanka wa kanka albashi na wata ko na mako, ka buɗe wa shago asusun banki nasa daban wanda kuɗin makarantar yara da gudummawar biki ba sa fita daga cikinsa, kuma duk kayan da suka tafi gidanka a rubuta su da sunanka kamar kowane mai saye.

Bayan haka a rufe shago yini ɗaya a ƙirga komai, na cikin shago da na sito, kowane kaya da shafinsa a littafin sito: abin da ke akwai, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. A haɗa kuma jerin duk masu bashi da abin da ake bin kowa, a kira su ɗaya bayan ɗaya a tabbatar sun yarda da adadin. Wannan ƙidayar ita ce za ka damƙa wa wanda zai riƙe shago. Ba adalci ba ne ka ɗora wa mutum amanar dukiyar da ba a san yawanta ba ranar da ya karɓa.

Mataki na uku: farashi biyu da iyakar bashi

A takardar farashi kowane kaya ya samu lamba biyu, farashin da ake faɗa wa mai saye da kuma ƙarshen ragi wanda ba a sauka ƙasa da shi. Idan katan na taliya ya tsaya maka a naira 18,000 har da kuɗin mota da dako, kana iya rubuta 19,000 a matsayin farashi, 18,600 a matsayin ƙarshen ragi ga wanda ya ɗauki katan goma ko fiye. Tsakanin waɗannan lambobi biyu yaro yana da ikon ciniki ba tare da ya kira ka ba. A lura, a lokacin da farashi ke hawa ba a gina takardar a kan kuɗin da aka saro kaya jiya, a kan kuɗin da za a mayar da su gobe ake gina ta, in ba haka ba za a sayar da katan ɗari da murnar riba, a je kamfani a tarar kuɗin katan casa'in da biyar kawai za su saya. Saboda haka mutum ɗaya ne zai riƙa gyara takardar, kowace safiya kafin a buɗe, ya sa kwanan wata a samanta, a cire ta jiya a yage don kada a sami takarda biyu a shago.

Bashi ya fi farashi wuya, domin a nan ne kunya da sanayya suke shiga. Ka rubuta sunayen waɗanda ka yarda a ba, kowa da iyakarsa da wa'adinsa: mai shagon unguwa kaza, naira 150,000, kwana bakwai, mai abincin sayarwa, naira 40,000, kwana uku. Dokar ita ce wanda ya kai iyakarsa ko ya wuce wa'adinsa ba ya ɗaukar sabon kaya sai ya rage na baya, kuma wanda sunansa ba ya cikin jerin ba a ba shi, ko da ya ce shi abokin Alhaji ne tun suna yara. Wannan jerin kariya ce ga yaron shago. Yaro ɗan shekara ashirin ba zai iya kallon dattijo sa'an mahaifinsa ya ce masa a'a ba, amma zai iya cewa, "Baba, ka yi haƙuri, sunanka bai shiga littafi ba, sai ka ga maigida." Idan wani ya ji haushin an sa shi sa hannu a kan bashin da ya karɓa, a tuna masa cewa aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ce da a rubuta bashi, kuma ga muminai aka saukar da ita.

Mataki na huɗu: kada kaya da kuɗi da rubutu su haɗu a hannu ɗaya

Yawancinmu idan za mu yi tafiya yaro ɗaya muke zaɓa, wanda muka fi yarda da shi, mu ba shi mabuɗi da kuɗi da littafi gaba ɗaya. Wannan jarrabawa ce mai nauyi ko ga mai tsoron Allah, kuma ko bai ci amana ba, idan kuskure ya auku babu wanda zai gano shi, babu kuma abin da zai wanke shi daga zargi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A shago mai yara uku, babban yaro shi ne mai ciniki da rubuta rasit, na biyu shi ne mai karɓar kuɗi, na uku shi ne mai sito.

Abin da ke haɗa su shi ne littafin rasit mai lamba a jere, mai kwafi uku. Babban yaro ya rubuta abin da aka saya da farashinsa. Mai saye ya kai wa mai kuɗi ya biya, a buga hatimi, mai kuɗi ya mayar masa da takarda biyu. Mai sito ba ya sakin ko sabulu ɗaya sai ya ga hatimi, ya karɓe kwafi ɗaya ya soke a ƙusa, mai saye ya tafi da nasa, na uku kuma ya zauna a littafi. Rasit ɗin da aka yi kuskure a kansa ba a yage shi, a ja masa layi biyu a bar kwafinsa uku a ciki, domin lambar da ta ɓace daga jeri ita ce farkon abin da za ka tambaya. Ƙananan kayan kanta da ake sayarwa ɗai-ɗai ba sai an yi wa kowanne rasit ba, amma katan ɗin da aka fasa don kanta dole ya fita daga sito da takarda.

Idan yaranka biyu ne, raba mai riƙe kuɗi da mai riƙe kaya shi ne abin da ya zama dole, rubutun kuma kai ka duba da dare. Kuma ina ba da shawara kada mai kuɗi da mai sito su zama wa da ƙani ko aminan da suka zo tare.

Kuɗin tiransifa yana buƙatar doka tasa. Ba a sakin kaya don mai saye ya nuna hoton rasit a wayarsa ko don saƙo ya shigo, domin ana ƙirƙirar duka biyun. Mai kuɗi ya ga kuɗin a cikin asusun shago da idonsa, ko a na'urar POS, kafin ya buga hatimi. Ka nemi hanyar da zai riƙa ganin shigar kuɗi ba tare da yana iya fitar da su ba, kuma ka haramta a karɓi kuɗin shago a asusun kowane yaro, ko da sabis ya ɗauke. Ranar da aka fara cewa "tura ta nawa, in ya so na mayar", lissafi ya fara fita daga hannunka.

Mataki na biyar: rufe lissafi kowace rana

Wannan shi ne ginshiƙin tsarin duka, kuma ba ya wuce rabin sa'a idan an saba. Bayan an rufe ƙofa, babban yaro ya haɗa jimillar rasit na ranar, mai kuɗi ya ƙirga abin da ke hannunsa, sannan a gwada su. Ga misalin rana ɗaya. Rasit sun nuna an sayar da kayan naira 1,240,000. A aljihun tebur an ƙirga 445,000, amma a ciki akwai 20,000 na canjin da aka buɗe da shi da safe, da 50,000 na tsohon bashi da wani ya biya yau, waɗanda ba cinikin yau ba ne, saboda haka tsabar kuɗin ciniki 375,000 ne. Ta POS an karɓi 410,000, ta tiransifa 290,000, an ba da sabon bashi na 130,000, an kuma kashe 25,000 daga aljihun tebur a kan 'yan dako da man janareta, kowanne da takardarsa. Idan aka haɗa waɗannan biyar za a samu 1,230,000. Akwai giɓin naira 10,000.

Ba a tashi da zargin sata. A bi rasit ɗaya bayan ɗaya a gwada da na wurin mai sito. Sau da yawa za a tarar wani ya roƙi ragi a gaban mai kuɗi bayan an riga an rubuta rasit, aka yi masa ba a gyara takarda ba, ko an biya ɗan dako an manta ba a rubuta ba. Idan an gano, a gyara, a kuma tsayar da doka cewa ragi a wurin mai rubutu kaɗai ake yinsa. Idan ba a gano ba, a rubuta giɓin da kwanan wata, su biyun su sa hannu. Giɓi na rana ɗaya kuskure ne, amma wanda ke maimaituwa da adadi kusan iri ɗaya, ko yake faɗowa a ranakun da ba ka nan, yana buƙatar zama. Rarar kuɗi ma, in ban da ta ƙananan kayan kanta da ba a yi wa rasit ba, ba abin murna ba ce, domin tana nufin an sayar da wani abu ba a rubuta ba, kuma inda ake sayarwa ba rubutu wata rana kuɗin ba za su kai aljihun tebur ba.

Daidaiton kuɗi bai isa shi kaɗai ba, tun da kayan da suka fita babu rasit ba za su bayyana a wannan lissafin ba. Don haka kowane mako ka zaɓi kaya kala biyar ko goma, ba tare da ka sanar da waɗanda za ka zaɓa ba, a ƙirga su a gwada da littafin sito. Ka fi mayar da hankali ga masu tsada da sauƙin ɗauka, irin madarar gwangwani da man girki. Ka sa a sauko da katan na can ƙasa ko na tsakiya a ɗaga a ji nauyinsa, domin katan da aka zare wa gwangwani biyu aka sake liƙewa a tsakiyar jeri yake ɓuya. Cikakkiyar ƙidaya kuma a yi ta ƙarshen kowane wata.

Mataki na shida: lambar da ke cewa a saro kaya

Maigida yana kallon sito ya san taliya ta kusa ƙarewa, yaro kuma sai ta ƙare yake faɗa. Ana maye gurbin wannan idon da lissafi mai sauƙi. Idan ana sayar da katan 12 a rana, kuma daga yin oda zuwa saukewa kwana 3 ne, ana buƙatar katan 36 kafin mota ta iso. A ƙara na kwana 2 saboda jinkiri, wato 24, ya zama 60. Sai a rubuta 60 a saman shafin taliya, ko a ja layi da alli a bangon sito daidai tsayin katan sittin. Ranar da kaya suka sauko kan layin mai sito ya sanar, babban yaro ya yi oda daga kamfanin da ka riga ka amince da shi, adadin da ka riga ka ƙayyade, kai kuma ka tura kuɗin daga inda kake. Waɗannan lambobi ba sa zama yadda suke shekara duka: kafin azumi a ɗaga na sukari da madara da man girki, bayan salla a mayar da su. Sabon kaya kuma a baya ake jera shi, tsoho ya fara fita, kuma mai sito ya riƙa kawo maka sunan duk abin da ya rage wata uku wa'adinsa ya ƙare don a karya farashinsa tun yana da mai saye.

Mataki na bakwai: miƙa iko a gaban mutane, da janyewa a hankali

Rubutu a bango ba ya sa a yi wa yaro biyayya. Ka tara sauran yara da 'yan dako ka faɗa da bakinka cewa daga yau wane ne ke riƙe da shago idan ba ka nan, ka kuma gabatar da shi ga manyan abokan cinikinka da wakilan kamfanoni. Daga nan sai abu mafi wuya ya zo, wato riƙe bakinka. Wani zai tsallake yaron ya kira ka a waya yana neman ragin da aka hana shi. Idan ka yi masa, ka koya wa kasuwa duka cewa maganar yaronka ba ta da nauyi, kuma washegari wayarka za ta koma yadda take. Amsar ita ce, "Abin da ya faɗa maka shi ne nawa." Idan ka ga ya yi kuskure, ka bari sai an tashi ku zauna ku biyu. Idan kuma ya yi asara alhali bai fita daga iyakar da ka ba shi ba, kada ka cire a albashinsa, domin yaron da aka hukunta a kan shawarar da aka ba shi ikon yankewa zai koma kiran ka a kan komai. Wanda ya ƙetare iyaka ne ke da hukunci, ko da abin ya zo da riba.

Nauyin da ka ƙara masa ya zo da ƙarin haƙƙi. Wasu suna ƙara albashi, wasu suna ba da wani kaso na ribar wata bayan ƙidaya ta fita daidai. Na fi son a ɗaura kason a kan riba da kuɗin da suka shigo hannu, domin idan a kan yawan ciniki aka ɗaura shi, yaro zai cika ragi da ba da bashi don lambar ta yi girma. Al'adarmu ta maigida ya sallami yaronsa da jari bayan shekaru tana da kyau, amma a faɗi wa'adi da sharaɗi a gaban shaidu tun farko. Yaron da bai san ranar sallamarsa ba shi ne wanda ya fi fara tara nasa jarin a ɓoye. Kuma tun yanzu ka riƙa koya wa na biyu aikin na farko, saboda ranar da babban zai tafi.

Janyewar da kanta a hankali ake yin ta. Mako biyu na farko ka zauna a shago amma kada ka taɓa kuɗi ko rasit, duk wanda ya tambaye ka ka nuna masa babban yaro. Sannan ka fara zuwa bayan azahar, daga baya ka ɗauki yini guda a mako, sai kwana uku a jere, sai mako guda. Kowane dare a turo maka hoton shafin rufe lissafi da saƙo gajere mai ɗauke da jimillar ciniki, kuɗin da aka kai banki, sabon bashi da wanda aka biya, kayan da suka kai layi, da duk wata matsala. Ka tsayar da lokaci ɗaya na waya, misali bayan sallar isha'i, in ban da gobara ko sata ko zuwan hukuma. Duk tambayar da ta zo a wajen wannan lokaci ka rubuta ta a ƙaramin littafin nan na farko, domin tana nuna wurin da dokarka ba ta kai ba, kuma idan ka dawo ka cike gurbin kafin ka ƙara tsawon tafiya.

Akwai alamun da za su sa ka koma baya mataki ɗaya. Jimillar bashi tana hawa mako bayan mako alhali ciniki bai ƙaru ba, ko rahoton dare ya fara makara ana cewa sai gobe, ko kusan duk rasit an rubuta shi a kan ƙarshen ragi, ko tsohon abokin ciniki ya daina zuwa ba ka ji dalili ba. Lissafin da ke fita daidai kullum babu ko giɓin naira ɗari shi ma abin dubawa ne, domin inda ake ƙirga kuɗi da gaske ana samun ɗan bambanci lokaci zuwa lokaci, kuma mai yiwuwa ana daidaita lambobin ne kafin a turo maka. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka zo shago a ranar da ba a sa ranka ba, ka zauna har a rufe, a yi lissafin a gabanka, washegari da safe kuma a ƙirga sito kafin a saki kaya ko ɗaya.